Muryar wa ke cikin takardar hukunci?

Tun da shugaban ƙasa Janar Abdurahman Tiani ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa a watan Maris na 2025, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Faransanci da Turancin Ingilishi a matsayin harsunan aiki, ake ta murna a majalisun shayi daga Yamai har Damagaram. Murnar ta dace. Sai dai da yawa sun ɗauka cewa daga ranar nan takardar kotu ta daina zama abin tsoro. Duk wanda ya taɓa karɓo kwafin hukunci daga hannun magatakardan kotu ya san lamarin bai kai nan ba. Hukunce-hukuncen da suka taru a ɗakunan ajiya na Tanut da Damagaram da Faransanci aka rubuta su, kuma da wani irin Faransanci da ko ɗan jami'a sai ya karanta sau biyu kafin ya kamo bakin zarensa.

Abin ya fi shafar mutanen Damargu fiye da yadda ake zato. Belbeji, wadda aka ciro daga Tanut ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ƙasa ce ta dabbobi da gero, kuma fuskar cinikinta kudu take kallo: Mai'aduwa, Maigatari, Daura, Kano. Inda ciniki da auratayya suka ƙetara iyaka, rigimar bashi da gado da sakin aure ma suna ƙetarawa. Ranar da takardar hukunci ta isa hannun lauya a Kano, dole a mayar da ita Ingilishi, domin da shi manyan kotunan Najeriya suke aiki. A nan ne haƙƙin mutum yake tsira ko ya salwanta, a hannun mai fassarar da ba wanda ya san sunansa.

Ginin hukuncin Faransa, wanda kotunanmu suka gada, ba shi da wuyar faɗa. A bisa tsohuwar al'ada, hukuncin gaba ɗaya jimla guda ce. Mai aikatawa ita ce kotu, sunanta yana can sama. Aikin da ta yi yana can ƙasa, bayan kalmomin nan "Par ces motifs", wato bisa waɗannan dalilai. Duk abin da ke tsakani dalilai ne da aka jero, kowanne yana farawa da "Attendu que", ma'ana ganin cewa, ana raba su da waƙafi mai ɗigo a sama. Alƙalin Ingila ko na Najeriya kuwa yana rubutu ne kamar mai bayani, jimla bayan jimla, har yakan ce ni a ganina. Saboda haka mai fassara ba shi da makawa sai ya datsa doguwar jimlar. Haɗarin yana wajen datsawar.

Bari mu ƙaga misali irin wanda ake gani kullum. Wani mai shanu daga Belbeji ya kai ƙarar wani dillali kan kuɗin bijimai, hukuncin ya fito haka:

"Attendu que le demandeur soutient qu'il a livré douze bœufs, que le prix n'a pas été payé, que le défendeur a reconnu la dette; Mais attendu qu'aucune pièce n'établit la livraison; Par ces motifs, statuant publiquement, contradictoirement et en premier ressort, reçoit le demandeur en son action, l'en déboute, le condamne aux dépens."

Da Hausa, kotu tana cewa mai ƙara yana da'awar ya miƙa bijimai 12, ba a biya shi ba, kuma wanda ake ƙara ya amsa bashin. Duka ukun nan da'awar mai ƙara ce. Abin da ya ɗaure na biyu da na uku ga bakinsa shi ne wannan ƙaramar "que" da ke bayan kowane waƙafi, wadda ke komawa ga kalmar da'awa ta farko. Mai fassara mai gaggawa zai share ta don jimlarsa ta yi santsi, ya rubuta "The defendant admitted the debt." Da haka maganar da mutum ya faɗa don kansa ta koma abin da kotu ta tabbatar. Lauyan Kano zai karanta ya ce ai dillali ya amsa laifinsa gaban alƙali, alhali alƙalin bai ce haka ba. Gyaran ba tsada gare shi: duk inda aka datsa, a maimaita mai maganar, a rubuta "He further contends that" a farkon kowace sabuwar jimla, har a iso "Mais attendu que". Daga wannan "amma" ne muryar kotu take farawa, kuma ya kamata mai karatu ya ga sabon sakin layi a wurin.

Ƙarshen hukuncin ma yana da nasa ramukan. "Contradictoirement" ba ta nufin an yi saɓani, tana nufin an saurari ɓangarorin biyu, don haka ba hukuncin bayan ido ba ne. "En premier ressort" tana sanar da cewa ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take, wanda a yankinmu kan kai mutum babbar kotu a Damagaram. "Reçoit" kuwa ita ce ta fi yaudara: kotu ta karɓi ƙarar ne ta fuskar ƙa'ida, cewa an shigar da ita yadda ya dace, sannan kalmar da ke bin ta ta kori ƙarar a kan gundarinta, ta ɗora wa mai shanu kuɗin shari'a. Wanda ya tsaya a kalmar farko zai koma gida yana shelar nasara. Hanyar gane fassara mai kyau ita ce a ɗauki alƙalami a bi ta jimla jimla ana tambaya: wa ya faɗi wannan? In an rasa amsa a jimla guda, fassarar ba ta cika ba.

Kada a ɗauka wannan tsoro ne na malaman makaranta. A ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, da ta zauna a Yamai, ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar a 1996 tana shekara 12 a kan sefa 240,000 a ƙasar Ƙonni. Kotun ta sami gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta daga bauta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Da Faransanci aka rubuta hukuncin, amma duniya ta fi saninsa ta fassarar Ingilishi. A cikinsa akwai muryoyi bisa muryoyi: ta Hadijatu, ta lauyoyin gwamnati, da ta kotunan Nijar da maganar ta ratsa. Akwai inda kotun ta kawo abin da wani alƙalin Ƙonni ya ce, cewa auren ɗa da baiwa ya halatta in ba shi da halin auren 'ya. Ta kawo maganar ne don ta soke ta, ta nuna alƙalin ya ga bauta ƙiri-ƙiri bai ɗauki mataki ba. A cire wannan ɗan yanki a fassara shi ba tare da an faɗi mai maganar ba, sai kotun da ta yi tir da bauta ta zama mai halatta ta. Haka nan lokacin da kotun ƙolin Nijar ta rushe hukuncin Ƙonni a Disamba 2006, kan kuskuren ƙa'ida ta rushe shi, ta mayar da maganar a sake saurare, ba ta taɓa batun bautar ba. Mai fassarar da ya rubuta cewa ta yi nasara a can ya yi wa tarihi ƙari.

Wannan matsala tana da tushe da muka ƙi tonawa. Dokar da Faransa ta kafa a 1903 don shari'ar 'yan ƙasa a yammacin Afirka ta tsara kotun ƙauye da ta lardi da ta gunduma, kumandan yana shugabantar ta gunduma da masu ba shi shawara kan al'ada a gefensa. Kumandan ba ya jin Hausa, ba ya jin Tamashek, ba ya jin Barbarci. Talaka ba ya jin Faransanci. Tsakaninsu mutum ɗaya ne, tafinta. Abin da ya fito daga bakinsa shi ake rubutawa, abin da ya haɗiye ya ɓace har abada. Ƙarfin tafinta ya kai a 1906, lokacin da Faransawa suka zargi Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa da ƙulla tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kwaddibuwa, har da tafinta Ali Jallo a cikin waɗanda ake zargi. Farfesa André Salifou, ɗan Damagaram, ya yi bincike a kan wannan lamari. Ɗan Mali Amadu Hampate Ba kuma ya wallafa littafi guda a 1973 kan rayuwar wani tafinta mai suna Wangirin, wanda ya riƙa juya kumandoji da talakawa a tafin hannunsa.

An rushe dokar talakawan mulkin mallaka a 1946, an sami 'yanci a 1960, amma tsarin bai gushe ba. Har yau makiyayin Tarka yana ba da shaidarsa da harshen uwarsa, ana rubuta ta da Faransanci. In takardar za ta je Kano a ƙara mata fassara ta biyu zuwa Ingilishi, lauyan can kuma ya yi wa mai ita bayani da Hausa. Magana ta fita da Hausa, ta zaga harsuna biyu na Turai, ta dawo da Hausa tsakanin mutane biyu da kakanninsu suka yi ciniki a ayari ɗaya tsakanin Agadas da Kano. A kowace gaɓa ana iya sauya mai magana, kuma mai haƙƙin shi ne kaɗai ba zai iya dubawa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu salon sun riga sun ajiye shi. Majalisar shari'ar mulki ta Faransa ta daina rubuta hukunci da jimla guda daga farkon Janairu 2019, kotun ƙolinsu ta bi sahu daga 1 ga Oktoba na shekarar: babu sauran "Attendu que", sai sakin layi masu lamba, da kanun da ke raba da'awar ɓangarori da amsar kotu. Sun yi haka ne don ɗan ƙasarsu, wanda Faransanci harshen uwarsa ne, ya gane hukuncin da ya shafe shi. Mu da yawancin masu shiga kotunanmu ba su taka ajin boko ba, me muke jira?

Ma'aikatar shari'a ba ta buƙatar kuɗi mai yawa don ta umarci alƙalai su raba da'awa da hukunci da kanu bayyanannu. Kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram tana iya liƙa sunayen masu fassarar da ta rantsar a kowace kotun yankin, har Tanut, don kada mutum ya kai takardar gadonsa wajen mai buga takardu na bakin tasha. Jami'ar Damagaram tana iya horar da matasan da za su haɗa shari'a da harsunan uku, su daidaita yadda za a riƙa faɗin waɗannan kalmomi da Hausa. Kai kuma mai takarda, kada ka yarda a fassara maka yanki kaɗai. Ka nemi a haɗa da sunan kotu da ranar hukunci da duk abin da ke bayan "Par ces motifs", ka sa mai fassara ya sa hannu da sunansa, kuma kafin ka biya shi ka sa ya nuna maka da yatsa inda maganar abokin shari'arka ta ƙare da inda ta alƙali ta fara.