Mayar da Rukuni Zuwa Lamba

Na'ura ba ta lissafi da sunayen garuruwa irin su Kano, Katsina da Zariya sai an mayar da su lambobi. Hanyar `one-hot` tana ware wa kowane gari ginshiƙi mai 0 ko 1, amma ƙananan hukumomin Najeriya 774 za su haifar da ginshiƙai 774. Hanyar `ordinal` ta dace da firamare, sakandare, jami'a. A kan garuruwa kuwa tana ƙirƙiro fifikon ƙarya. Wadda ta fi haɗari ita ce `target`, mai sauya gari da matsakaicin sakamakonsa. Garin da ya bayyana sau ɗaya amsarsa ce za ta zama lambarsa, sai na'ura ta haddace ta, ta faɗi a kan sababbin bayanai.