Minti goma sha biyar kafin Magariba ta gabato: yadda ɗaliban wata Islamiyya a Makoda ke shirya wasan walima

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Makoda, daga Koguna inda sakatariya take har zuwa Maitsidau da Satame, makarantun Islamiyya sun fi son sa walimar saukar Alƙur'ani bayan kaka. Lokacin gero ya shiga rumbu, an roro gyaɗa, iyaye sun sami abin ɗinka wa yara sutura. Sai dai yinin hunturu gajere ne. A watan Disamba rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe shida, taron kuma ba ya kankama sai an idar da La'asar. Cikin wannan ɗan tsakani za a yi addu'a, a ja baƙi, dagaci ya yi jawabi, a raba shahada. Abin da ya rage wa wasan kwaikwayon ɗalibai a wata makaranta da na bi shirinta shi ne minti 15.

Ɗaliban suna haɗuwa ranakun Alhamis da Juma'a da yamma, tunda babu karatu, a gindin darbejiyar harabar makaranta. Labarin da suka ƙulla na wani manomi ne da ya ci bashin taki, yake neman cire 'yarsa daga makaranta ya ɗora mata talla. Yarinyar ce ta karanta takardar bashin, ta gano cewa abin da ake bin mahaifinta bai kai abin da aka faɗa masa ba. Ba a rubuta wasan ba. Kamar yadda yara suka saba a tashe, kowa ya san matsayinsa da inda zance zai dosa, sauran kuma daga baki yake fitowa. Daɗin wasan yana nan, matsalarsa ma tana nan, don wasan da ba a rubuta ba kullum ƙara tsawo yake yi. Duk wanda ya faɗi magana aka yi dariya yau, gobe sai ya ƙara mata wata.

Saboda haka malamin da ke kula da su ya ware Alhamis ɗaya, saura mako biyu walima, ya ce yau za a yi wasan daga farko har ƙarshe babu tsayawa. Wanda ya manta zancensa ya san yadda zai yi ya wuce, malam ba zai sa baki ba. Aka ba wata ɗaliba babba waya da littafi, aikinta kawai ta rubuta lokacin da kowace fitowa ta fara da lokacin da ta ƙare. Malam ya dage a yi da kayan wasan na gaske, rawani da tabarmi da buta, kuma a riƙa miƙa sanduna biyu a madadin makirufo biyun da za a yi haya. Dalilinsa mai ƙarfi ne: ranar taro ba wanda zai iya magana sai makirufo ya iso hannunsa, miƙawar kuwa tana cin lokaci.

Da aka gama, littafin ya nuna fitowa ta farko, ta zaure da mai bin bashi, ta ci minti 6. Ta cikin gida minti 4, ta teburin mai shayi minti 5, karanta takarda minti 3, gaban mai unguwa minti 3, sauya wuri tsakanin fitowa da fitowa kuma minti 2. Jimilla minti 23. Malam ya ce ba 15 za su nufa ba, 13 za su nufa, domin ranar taro mutane za su yi dariya da kabbara, dole ɗan wasa ya saurara har su lafa, iskar hunturu kuma takan sa a maimaita magana. Ke nan minti 10 za su fita.

Bai ɗauko zancen yankewa nan take ba. Ya zaunar da su da'ira, aka fara jin ra'ayi daga ƙananan yara, shi kuma ya bar nasa sai ƙarshe. A ganina wannan tsari shi ne ƙashin bayan aikin, domin a wurin da yaro ba ya musu da na gaba da shi, idan malam ya riga kowa magana, sauran sai dai su ce haka ne. Tambayoyi biyu kawai ya yarda a amsa: a ina ba ka ji abin da aka ce ba, a ina kuma hankalinka ya bar wasan? Ya hana a ce wane bai iya ba; fitowa za a ambata, ba mutum ba. Wata ƙaramar yarinya ta ce, "Malam, da Yaya ya juya wa mutane baya yana ƙirga kuɗi, ban ji komai ba."

Sannan ya juya ga mai gadin makarantar, dattijon da bai taɓa kallon wasan ba sai ranar, ya ce, "Baba, don Allah ba mu labarin abin da ka gani." Dattijon ya kawo bashi, ya kawo talla, ya yi ta yabon mai shayi, amma bai ambaci takardar da yarinyar ta karanta ba. Nan kowa ya gane ciwon: fitowar da ta fi ban dariya ta danne wadda aka gina wasan dominta.

Washegari Juma'a aka zauna yankewa, da ma'auni guda: idan aka cire wannan, labarin zai tsaya da ƙafarsa? Gaisuwar zaure, da ta bi gida da iyali da gajiya da amfanin gona sau biyu, aka mayar da ita sallama da gaisuwa ɗaya, fitowar ta dawo minti 3. Nasihar mai unguwa ta sauka daga minti 3 zuwa 1, tunda maimaita abin da 'yan kallo suka riga suka gani take yi. Aka shimfiɗa tabarmi biyu tun farko, ɗaya zaure ɗaya cikin gida, aka tsira da minti 1. Teburin mai shayi ne ya sha wuƙa sosai, daga minti 5 zuwa 1. Ba a taɓa fitowar takarda ba, sai ma aka sa yarinyar ta fuskanci jama'a ta karanta adadin kuɗin sau biyu.

Yaron da ke mai shayi ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa, don mahaifiyarsa ta riga ta gaya wa maƙwabta su zo kallonsa. Malam bai janye hukuncin ba, amma ya ba shi buɗe wasan da gabatar da shi ga baƙi. Ya kuma kafa doka cewa daga ranar an rufe ƙari, ko da magana ta kai zuma daɗi. Gwajin Alhamis ta gaba ya tsaya a minti 13 da 'yan daƙiƙoƙi.

Kirana ga malaman da ke shirya irin wannan walima shi ne su yi gwajin agogo tun saura mako biyu. Wanda ya bari sai jajibiri, mai gabatarwa ne zai yanke masa wasan a gaban iyaye, kuma ƙarshen labarin zai yanke.