Ɗan'uwa Ne, Amma Haya Ce

Yau wata wasiƙa za mu duba, irin wadda mai gida kan rubuta wa ɗan haya. A ce wani ɗan kasuwa a Agege ya kama gida mai ɗaki uku a kan naira dubu 900 a shekara. Sai ɗan ƙanen mahaifinsa ya zo Legas neman na kai, ɗan kasuwar ya nemi izinin mai gida don ya ba shi hayar ɗaki ɗaya a kan dubu 300. Amsar mai gida ba ta da tsawo: "Malam, na ga takardarka. Ɗan'uwanka ya sauka a wurinka a matsayin baƙo, ba ni da ja. Amma ka ba shi haya, ban amince ba."

A ganina mai gidan nan bai yi laifi ba, kuma ba zumunci ya ƙi ba. Ku lura da inda ya ja layi, tsakanin baƙo da ɗan haya. Baƙo yana zaune ne da alfarmar wanda ya sauke shi, ran da mai masauki ya tashi shi ma ya naɗe tabarmarsa. Wanda ya biya kuɗi kuwa ya sami abin kafa hujja. A ce ɗan kasuwar ya koma Kano a watan Yuni, ɗan'uwan ya ce ai shi ya biya har Disamba. Wa ya karɓi kuɗin? Ba mai gida ba. Bai sa hannu da shi a kan komai ba, rasit ɗinsa ma ba ya hannun mutumin, amma ga shi a cikin ɗaki. Ba shi da ikon watso masa kaya waje ko cire ƙofa, sai dai ya bi ta kotu. Shi ya sa dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce ɗan haya ba zai ba wa wani hayar ko da sashen gidan ba sai da izinin mai gida a rubuce. A rubuce fa, ba "ai mun yi magana a masallaci" ba.

To, wani zai ce ai malaman fiƙihu sun ce wanda ya kama haya ya mallaki amfanin gidan, yana iya ba wa wani muddin zamansa bai fi nasa ɓarna ba. Haka ne, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai ɗan kasuwarmu ya sa hannu a yarjejeniyar da ta ce sai da izini, da saninsa. Sannan nan ba musanya aka yi ba, ƙari ne: ƙarin mutum a kan ruwa, da wuta, da masai ɗaya.

Inda zan ga baiken mai gida shi ne in ya rufe ƙofa ruf. Wasiƙa mai kyau takan ƙara layi guda: in ɗan'uwan na son ɗakin, ya zo a yi masa tasa yarjejeniyar, da sunansa da rasit ɗinsa, a rage wa na farko dubu 300 ɗin.