Mene Ne Giɓin Kuɗin Kayan Aiki?

Tsadar fulawa ta sa masu gidajen burodi yawan ambaton giɓi, wato bambancin kuɗin da aka tsara da wanda aka kashe. Iri biyu ne.

Misali, an ƙiyasta buhu 10 kan N50,000 kowanne, sai buhu 11 suka tafi, kan N52,000. Giɓin farashi: ƙarin N2,000 sau 11, N22,000. Mai sayayya zai amsa. Giɓin amfani: ƙarin buhu 1 a farashin ƙiyasi, N50,000. Shugaban masu kwaɓi ne zai amsa wannan.

Amma a bincika kafin zargi. Idan fulawar mai danshi ce har burodi ya lalace, laifin mai sayayya ne. Tashin dala kuwa ba laifin kowa ba ne.