Gyaran launin yunifom a hoton aji: me ya tabbata, me ba haka ba?

Duk ƙarshen zangon karatu ana samun irin wannan cacar baki tsakanin makarantu da masu ɗaukar hoto. An tara ɗalibai, an ɗauki hoton aji, sai shugaban makaranta ya duba ya ce wannan ba kalar yunifom ɗinmu ba ce. Shuɗi mai duhu ya koma kamar shunayya, farin hijabi ya yi ɗorawa-ɗorawa. Daga nan maganganu ke tashi: wani ya ce kyamarar ce ba ta da kyau, wani ya ce danna abu ɗaya a kwamfuta ya isa, wani kuma ya ce taɓa hoton ma ha'inci ne. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Magana ta farko: "Laifin kyamara ne"

Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma kaɗan. Babban dalili shi ne haske. Idon ɗan Adam yana daidaita kansa, shi ya sa farar riga ke zama fara a wurinmu da hantsi ko da yamma. Kyamara kuwa sai ta yi hasashen irin hasken da ke wurin, kuma takan yi kuskure. Hasken tsakar rana yana kusa da 5500K, na ƙwan lantarki irin na da mai ja-ja yana wajen 2700K, na inuwa kuma yakan haura 7000K, ya yi shuɗi-shuɗi. Idan an jera yara ƙarƙashin darbejiya, hasken da ya ratso ganye yakan zuba kore a kan tufafinsu.

Dalili na biyu yana jikin yadin. Yunifom ɗin da ya shekara biyu yana shan wanki da shanya ba zai yi daidai da sabon ɗinki ba, kuma iyayen da suka sayo yadi a shaguna daban-daban ba lalle su dace da rini iri ɗaya ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Idan bango, hijabi da fuskoki duk sun karkata zuwa launi ɗaya, haske ne. Idan farin yana nan fari amma wandunan sun bambanta da juna, yadi ne.

Magana ta biyu: "Danna abu ɗaya ya isa"

Ba haka ba ne. Manhaja ba ta san yunifom ba, launi kawai ta sani. Idan aka ce ta juya shuɗi, za ta juya sararin sama da ƙofar aji mai shuɗin fenti tare da wandunan. Abin ya fi muni idan yunifom ɗin ja mai duhu ne ko ruwan ƙasa, domin launin fatar mutum yana tsakanin ja da ruwan goro, sai fuskoki da hannaye su canza tare da riga.

Ga yadda aikin yake a misali. A ce makaranta ta ba da lambar launinta, #1F2A44, wato shuɗi mai duhu. A Photoshop, idan aka shigar da ita a Color Picker, gurbin H zai nuna kusan 222. An ɗauki hoton da yamma liƙis, aka auna wandon wani ɗalibi da Eyedropper, H ya nuna 250, wato ya karkata zuwa shunayya. Kafin auna, a mai da Sample Size zuwa 11 by 11 Average, don kada ɗigo ɗaya tak ya yaudari mai aiki.

Ba wando ake fara taɓawa ba. Ana fara auna abin da aka san fari ne, kamar hijabi. Idan ya ba da R 235, G 220, B 200, to ja ya yi yawa, shuɗi ya yi ƙaranci, alhali a fari na gaskiya lambobin uku kusan ɗaya suke. Sai a buɗe Curves, a ɗauki abin auna na tsakiya mai ruwan toka, a danna a sashen hijabin da ke da 'yar inuwa. Hoton gaba ɗaya zai daidaita, har da fatar yaran. A sake auna wandon, wataƙila yanzu ya sauko kusan 240.

Sauran tazarar ce ake gyarawa a kan yadin kaɗai. Da Select > Color Range ake zaɓo wandunan, a ɗora Hue/Saturation a kan zaɓin, a ja Hue zuwa wajen -18, a sake aunawa. Sannan a bi da burushi a goge duk inda gyaran ya zuba a kan sama, takalmi ko hannu. Wannan gogewar ce ke cin lokaci a aji mai yara arba'in. Alamar aikin gaggawa ita ce siririn layin tsohon launi a gefen wando ko tsakanin yatsu, kuma ana ganinsa da zarar an zuƙo hoton zuwa 100%.

Magana ta uku: "Tunda akwai lambar launi, a shafa ta kawai"

Wannan ma kuskure ne. Yadi a hoto ba launi ɗaya ba ne: akwai karin guga, akwai lanƙwasa, akwai inda rana ta buga. Idan aka shafe duka da lamba ɗaya, wandon zai fito kamar an yanko takarda an manna. A daidaita lambar da sashen da haske ya sauka tsaka-tsaki kawai, a bar inuwa da duhunta. Mai son shafawa ya sa shimfiɗar a yanayin Color, wanda ke canza launi ya bar haske da inuwa yadda suke.

Akwai kuma iyaka. Hue ba ya aiki a kan fari ko baƙi, domin babu launin da zai juya. Idan rana ta ƙone farar riga har ta kai 255 a R, G da B, saƙar yadin ta ɓace, kuma babu gyaran launin da zai dawo da ita.

Magana ta huɗu: "Abin da na gani a waya shi zai fito a takarda"

Ba gaskiya ba ne. Fuskar waya haske take fitarwa, takarda kuwa hasken ɗaki take mayarwa, don haka shuɗi mai duhu yakan ƙara duhu idan an wanke hoto, wani lokaci ya kusa zama baƙi. A adana hoton a sRGB, a tura shi ta WhatsApp a matsayin Document domin kada a matse shi, a wanke ƙarami guda ɗaya, a kara shi da ƙyallen yadin makaranta a bakin taga da rana. Sai ya dace sannan a buga na kowa.

Magana ta biyar: "Gyara launi ha'inci ne"

A nan dole a bambance. Cire launin da haske ya zuba a kan hoto mayar da gaskiya ne, domin abin da ido ya gani ran nan ake dawowa da shi. Ɗan farfaɗo da koɗaɗɗen yadi a hoton tunawa, da sanin makaranta, shi ma ba ya cutar da kowa. Amma mai da rigar gida ta zama yunifom, ko sauya kalar wata makaranta zuwa ta wata don hoton katin shaida ko takardar neman tallafi, ƙirƙirar abin da bai faru ba ne, kuma wannan ha'inci ne.

Saboda haka, mai hoto ya roƙi ƙyallen yadin makaranta tun kafin ranar ɗauka, ya sa ɗalibi ɗaya ya riƙe katin toka ko farar takarda a hoton farko, ya kuma adana asalin hoton ba tare da an taɓa shi ba. Makaranta kuma ta faɗa wa iyaye idan an gyara launin tufafin 'ya'yansu.