Me Ya Sa Ake Ta Maimaita Ɗigon Shan-inna?

A cikin tambayoyin da iyaye ke yi game da rigakafin shan-inna, babu wadda ta kai wannan nauyi: idan maganin na ƙwarai ne, don me za a ɗiga wa yaro wannan watan, bayan 'yan watanni kuma a sake ƙwanƙwasa ƙofa? Daga nan jita-jita take samun gindin zama, ana cewa akwai abin da ake zubawa kaɗan-kaɗan a jikin yara don a rage musu haihuwa idan sun girma. Na sha jin wannan magana daga bakin masu digiri, har a ɗakin hutawar malaman jami'a, saboda haka ban yarda da masu kiran ta maganar jahilai ba.

Kwanakin baya wani gajeren rubutu ya zo hannuna, na wata jami'ar lafiya da ke aiki a ƙaramin asibiti, inda ta amsa wannan tambaya. Ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma tsorata kowa da hotunan guragu ba. Ta ɗauki tambayar a matsayin wadda ta cancanci amsa, kuma amsar tata ce nake son in faɗaɗa a nan.

Ta fara da bayanin abin da ke cikin kwalbar. Ɗigo biyun da ake sa wa yaro a baki ƙwayar cutar shan-inna ce da aka raunana. Aikinta shi ne ta zauna a hanjin yaron na ɗan lokaci, jikinsa ya san ta, ya tanadi kariya kafin ta gasken ta zo. To amma hanjin yaranmu ba fili ne da babu kowa ba. Yaron da ke gudawa zai iya fitar da maganin kafin ya kama. Wani kuma hanjinsa cike yake da wasu ƙwayoyin cuta da ke hana wannan samun wurin zama, ga tamowa da ke raunana garkuwar jiki. Shi ya sa ɗigo ɗaya ba ya kama kowane yaro, musamman a ƙasashe masu zafi da ƙarancin tsaftataccen ruwa, kuma mai ɗigawa ba ta da hanyar sanin wanda ya kama da wanda bai kama ba.

Bari in ba da misali na lissafi, don fahimta kawai. A ce unguwa tana da yara 100, kuma kowane zagaye yana kama rabin waɗanda ba su da kariya. Bayan zagaye na farko saura 50. Bayan na biyu saura 25, na uku kimanin 12, na huɗu kimanin 6. Waɗannan shida babu alamar da za ta bambanta su da sauran, ga kuma jarirai da ake haifa kowane mako suna ƙaruwa a kansu. Saboda su ne ake komawa a ɗiga wa kowa. Wanda ya riga ya samu kariya, ƙarin ba ya cutar da shi; jikinsa zai kawar da ƙwayar ne kamar yadda aka horar da shi. Wannan ne dalilin da ya sa jadawalin asibiti ya tanadi ɗigo a lokacin haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, sannan a bi gida-gida don yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Akwai wani abin da ke ƙara wa lamarin wahala. Cikin kimanin mutum 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne ke samun shanyewar da ba ta warkewa. Yawancin sauran suna yawo lafiya lau, suna fitar da ƙwayar a bayan-gida. Idan aka ga gurgu ɗaya a gari, cutar ta riga ta zaga gidaje masu yawa.

Kan batun haihuwa, hujjarta ta fi duk wadda na taɓa ji sauƙin kamawa, domin ta ɗauko ta ne daga abin da mata suka sani. Ƙwayar tazarar haihuwa kullum ake shan ta, wadda ta yi sake da kwanaki kaɗan tana iya ɗaukar ciki. Allurar da aka fi sani wata uku take yi, sai a sake. Idan maganin da aka yi musamman don wannan aiki ƙarfinsa ke nan, ta yaya ɗigo biyu a bakin jaririya zai jira shekara ashirin kafin ya yi aiki? Ta ƙara da cewa a duba gida: 'yan matan da aka ɗiga wa a 2004 da 2005, da yawansu yau goyo ne a bayansu, su ne ma ke kawo nasu 'ya'yan asibiti.

Abin da ya fi ɗaga darajar rubutun a idona shi ne ba ta ɓoye abin da ba shi da daɗin ji ba. Ta yarda cewa zargin yana da tushe a tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, cikin gwajin da ya haɗa kimanin yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka kuma yi shekaru ana shari'a. Trovan magani ne na kashe ƙwayar cuta, ba rigakafi ba, amma uban da ya ji labarin ba zai tsaya rarrabewa ba. Bayan shekara bakwai, a 2003, aka dakatar da ɗigon a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, da maganin da aka samo daga Indonesiya. A wannan tsakanin cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Ta kuma amsa tambayar da mutane da yawa ke yi yanzu: tunda a watan Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da shan-inna ta asali, me ake nema kuma? Ƙwayar da aka raunana ita ma tana fita a bayan-gida. Inda yawancin yara ke da kariya, nan take mutuwa. Inda ba su da ita, sai ta yi ta yawo daga wannan yaro zuwa wancan na shekara ko fiye, har ta sake yin ƙarfin shanye ƙafa. Jami'ai da yawa suna kauce wa wannan bayani don tsoron a ce maganin ne ke kawo cutar. Ni a ganina kuskure ne, domin wanda ya ji shi daga wani bakin ba zai ƙara yarda da su ba.

Rubutun bai amsa komai ba. Bai ce uffan kan abin da ke ci wa iyaye tuwo a ƙwarya ba, wato a kawo ɗigo kyauta har ƙofar gida, amma ka kai yaro asibiti da zazzaɓin cizon sauro a rubuta maka takarda ka je kemis. Wannan tambaya ce ga masu riƙe da kasafin kuɗi, kuma har yanzu ana bin su bashin amsa.

Ta rufe da abin da kowace uwa za ta iya yi da idonta. A jikin kowace kwalba akwai ɗan da'ira da murabba'i a cikinsa, wanda zafi ke sa ya yi duhu. Idan murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai lalata maganin ba. Idan launinsu ya zo ɗaya, ko murabba'in ya fi duhu, ba a amfani da wannan kwalba. Ta ce duk mai shakka ya nemi a nuna masa kafin a buɗe bakin ɗansa.