Shawara a jariri da shawara a babba

Idan fararen ido suka koma rawaya muna cewa shawara ce, ko a jariri ko a dattijo. Amma abin da ke kawo ta da irin haɗarinta sun bambanta ƙwarai.

Jajayen ƙwayoyin jinin babba suna yin kwana 120 su mutu. Idan suka farfashe sukan bar wani dauɗa mai launin rawaya, sunansa bilirubin. Hanta ce ke kama shi, ta sarrafa shi, ta zuba shi cikin ruwan matsarmama, ya bi hanji ya fita. Shi ne ma ke ba bayan gida launinsa. In ya taru a jini, sai ya bayyana a ido da fata.

Ƙwayoyin jinin jariri sun fi yawa, kuma ba sa wuce kwana 70 zuwa 90. Hantarsa kuwa ba ta gama koyon aiki ba. Saboda haka kusan shida cikin jarirai goma sukan yi ɗan rawaya a makon farko, bakwaini ma sun fi haka. Irin wannan takan fito a kwana na biyu ko na uku, ta kai ƙarshen ƙarfinta tsakanin kwana na uku da na biyar, ta washe kafin mako biyu.

To, ga inda hankalina ya fi tsayawa. A babba bilirubin alama ce ta wani ciwo, kuma ciwon muke nema. A jariri shi kansa bilirubin ɗin yana iya zama guba: idan ya yi yawa yakan shiga ƙwaƙwalwa, ya bar yaro kurma ko da sandarewar gaɓoɓi har abada. Kwanakin da ya fi hawa kuma su ne kwanakin da mai jego ke cikin ɗaki, labule a sauke, gida cike da 'yan barka, kowa na shirin suna. A ɗakunanmu na Zongo, ƙarƙashin ƙwan lantarki, ba a ganin rawaya a baƙar fata. Ki fito da shi bakin ƙofa kowace safiya, ki danna hancinsa ko goshinsa da yatsa, ki ɗaga, ki duba launin wurin, sannan ido da dasashi. Rawayar daga kai take farawa ta gangara. In ta kai tafin hannu ko tafin ƙafa, ta yi nisa.

A ce an haifi yaro ranar Litinin lafiya lau. Ranar Laraba kaka ta ciro zannuwan goyo daga akwatin da aka zuba kafur, aka lulluɓe shi. Ranar Alhamis ya yi rawaya har ciki, yana ta barci, ba ya kama nono sosai. Yara da yawa a ƙasashenmu, musamman maza, an haife su da ƙarancin wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini, wanda ake rubuta G6PD a takardar gwaji. Kafur, lalle da man shafawa mai mentol suna iya farfasa jininsu cikin sauri. Wannan yaro ba zai jira suna ba. A ranar ake kai shi asibiti, misali Asibitin Uwa da Yara na Lagune, a auna jininsa, a kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila mai sauya bilirubin yadda jiki zai iya fitar da shi. In ya hau sosai, sai an sauya masa jini. Ruwan sikari ba ya wanke shi, shanya jariri a rana kuma na iya ƙona shi. Nono dai a ci gaba, aƙalla sau takwas a yini da dare.

Akwai lokuta biyu kuma da ba a jira. Rawaya a ranar farko yawanci jinin uwa ne bai dace da na ɗa ba, kamar uwa mai rukunin O da ɗa mai A ko B. Rawayar da ta wuce mako biyu, tare da farin kashi da fitsari mai duhu, tana iya nuna toshewar hanyar matsarmama, kuma aikin tiyatarta ya fi yin nasara kafin wata biyu.

Babba ba shi da shawarar da ake cewa za ta wuce da kanta ba tare da an bincika ba. Ko dai jini na farfashewa da yawa, kamar a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sikila. Ko hanta ta kamu, ta hanyar ƙwayar ciwon hanta, giya, ko yawan shan magani da jiƙo barkatai. Ko kuma dutse ko ƙari ya toshe hanyar matsarmama. Mai toshewa yakan zo da ƙaiƙayi, fitsari kamar baƙin shayi da bayan gida fari-fari. Shi ya sa muke tambayar launin fitsari da bayan gida tun kafin mu ɗebi jini, muna kuma roƙon a zo mana da duk abin da aka sha a gida, har da saiwa da sassaƙe.